Taƙaita abin da ba a turo ba

Ƙarfe tara na safe saƙon Kawu ya shigo WhatsApp: "Ga takardar nan, ka taƙaita min kafin La'asar." Na duba sama da saƙon, na duba ƙasa. Abin da ke sama shi ne barka da Juma'ar makon jiya, ƙasa kuwa fili fetal. Da an haɗo takarda, da na ga ɗan akwati mai sunanta, da .pdf a ƙarshe, da yawan shafuka da nauyinta. Ko da sabis ne ya yi rauni, akwatin yakan bayyana da 'yar kibiyar saukewa.

Kawu shi ne shugaban wata ƙungiyar manoma a garinmu, kuma ba a ce wa Kawu ya manta. Sai na ɗora wa sabis laifi, tunda shi ba ya da dangi.

"Kawu, ina jin sabis ya riƙe takardar a hanya. Ko za ku sake turowa?"

"Na turo mana, ɗana. Ga alama biyu nan har sun yi shuɗi."

Alamar ta yi shuɗi kam, amma shaidarta ita ce na karanta kalmominsa takwas ɗin nan. Ba ta san da wata takarda ba. Na lallaɓa na tambayi wace takarda ce, domin na san uku a jakarsa: rahoton binciken kuɗi, bayanin taron da ya wuce, da sharuɗɗan bashin taki. Ya ce, "Waccan dai." Na tambayi tsawon da yake so. Ya ce, "Daidai misali. Kada ta yi tsawo, kada kuma ta yi gajarta." Na zama tela da aka ce ya ɗinka babbar riga, babu yadi babu awo, ga salla ta matso.

Wajen sha ɗaya hoto ya iso, na ambulan. Na biyu na shafin farko ne, babban yatsan Kawu ya zauna daram a kan adadin kuɗin. Daga nan ya fusata ya soma karanta min ita da murya, yana tsayawa yana amsa gaisuwar masu wucewa, har da cinikin goro a tsakiyar sharaɗi na huɗu. Ƙarshenta jikarsa ce ta karɓi wayar, ta gano cewa tun safe takardar tana zauren matan unguwa, inda har an yi mata addu'o'i. Ta turo min: sharuɗɗan bashin taki, shafi 14.

Saura awo. Na zauna na fitar da abin da manomi ba zai yafe a ɓoye masa ba: buhu nawa na NPK da yuriya kowa zai samu, nawa zai ajiye kafin a ba shi, yaushe zai biya, da abin da zai faru idan mutum ɗaya ya kasa. Wannan na ƙarshe yana can shafi na 11 cikin ƙananan baƙaƙe, cewa bashin kowane mamba yana wuyan ƙungiya gaba ɗaya. Tarihin shirin da godiya ga manyan baƙi sun cinye shafi uku, na zubar da su ko a jikina. Ya tashi shafi ɗaya cif.

"Wannan ai wata takardar ka sake rubutawa," in ji Kawu.

Na matse ta koma layi uku.

"Anya ka karanta kuwa? Shafi 14 a layi uku?"

Sai na daina tambayar tsawo, domin Kawu ba ya auna magana da layi ko shafi. Na ce, "Kawu, wa zai ji ta, kuma a ina?" Nan take amsa ta fito. Shi zai karanta wa mambobi da baki, a tsaye, a ƙofar gidan mai unguwa, kuma ba ya so ya wuce minti biyu saboda gwiwarsa. Ashe gwiwa ce ma'aunin. Na sake rubutawa da gajerun jimloli, na mayar da alƙaluma kalmomi don kada harshe ya sarƙe, na sa maganar lamuni a farko tun kunnuwa ba su gaji ba. Na karanta da ƙarfi ina duban agogo har ta zauna a minti biyu, matata tana leƙowa ko lafiya.

Bayan La'asar na bi shi wurin taron. Kawu ya miƙe, ya gyara hula, ya dubi takardata, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu.

"Jama'a, maganar kuɗi ba a gutsure ta. Sakatare, karanta mana duka."

Muna shafi na tara aka kira Magariba.