Barka Daban, Roƙon Iri Daban

Mu ma'aikatan gwamnati Allah ya yi mana kunne. Kafin takardar ƙarin girma ta sauko daga ofishin mulki, masinja ya sani, mai shayin bakin ƙofa ya sani, direban oga ma ya riga ya tsegunta wa mutum uku a masallaci. Mai abin ne kaɗai za ka gani yana tafe yana sunkuyar da kai kamar bai ji komai ba. Kuma shi ne mai gaskiya, domin a aikin nan jerin sunayen da aka ce an gani a teburin wani ba ƙarin girma ba ne. Sai takarda ta zo hannu, da sunanka, da sa hannu, da ranar da za ta fara aiki. Saboda haka ne dattawan ofis ba sa gaggawar yin barka. Za ka ji ɗayansu ya ce, "Malam, mun ji ƙishin-ƙishin, Allah ya tabbatar da alheri," ya tsaya nan. Matasanmu ne ke rugawa WhatsApp su liƙa hoton mutum da babbar riga, su rubuta masa muƙamin da bai kai hannunsa ba. In aka tashi suna bai fito ba, sun bar shi da kunyar da ba shi ya jawo ba.

Wanda bai san aikin ba zai ce mene ne abin ɗoki a kan mataki guda. To, bari mu yi lissafi. A tsarin gwamnatin tarayya matakan albashi daga 1 ne zuwa 17. Wanda yake mataki na 6 zuwa ƙasa sai ya shekara biyu a inda yake kafin a duba shi, daga na 7 zuwa na 14 shekara uku, daga na 15 zuwa sama shekara huɗu. Wannan kuma mafi ƙaranci ke nan, in komai ya tafi daidai: an cike masa fom ɗin auna ƙwazon aiki na kowace shekara, ya zauna jarrabawa ya ci, sannan akwai gurbi a sama. Mai digiri yakan fara a mataki na 8. Kafin ya taka na 9, ya hau na 10, ya tsallaka zuwa na 12 (a yawancin layukan aiki ba a tsayawa a na 11), ya ci shekara tara aƙalla. Wani kuwa ya ci jarrabawar amma aka ce babu gurbi, ya koma ya sake jira. Idan ka san wannan, ba za ka wuce mutum a baranda ka jefa masa "barka fa" kana danna waya ba.

Abin da muke yi, mu da muka ga jiya, shi ne mu taka. Zumunci a ƙafa yake, har a ofis. Ka bari hayaniyar safe ta lafa, ka je teburin wanda aka ƙara wa girma, ka yi sallama, ku gaisa sosai, gida da iyali da gajiya, sannan ka kawo abin da ya kawo ka. Ɗauki misalin abokin aikinmu a sashen kuɗi da ya tashi daga mataki na 10 zuwa na 12. Mutane sun yi ta shiga suna fita, kowa da "Allah ya sanya alheri." Duk daidai ne. Amma gaisuwar da ta sa ya ajiye biro ita ce ta wata Hajiya mai kula da fayil, wadda ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce: "Malam, barka da arziki. Ban manta lokacin tantance ma'aikata ba, da kake zama har bayan magariba kana gyara sunayen mutanen da aka tsallake a albashi. Wannan takarda ta zo inda ya dace. Allah ya taya ka riƙo, ya sa a gama lafiya." Ta juya ta koma bakin aikinta.

Duba abin da ta yi. Ta ambaci aiki guda, takamaimai, wanda shi ya san ya yi, ita ma ta gani da idonta. Ba ta ce masa gwarzo ba, ba ta ce babu kamarsa a ma'aikatar nan ba. Irin wannan kirari na maroƙa ne, kuma duk wanda aka yi wa shi ya san hannu zai biyo baya. Yabon da ke shiga zuciya shi ne mai shaida: ranar kaza ka yi kaza. Sannan ta rufe da addu'a, kuma addu'ar ta dace da abin. Muƙami nauyi ne, shi ya sa muke cewa Allah ya taya riƙo, Allah ya ba da ikon sauke nauyi, Allah ya haɗa ka da mataimaka nagari. "Allah ya ja zamani" kuwa a bar wa fada, ba sarauta aka naɗa shi ba. Ko da yake, in gaskiya za a faɗa, akwai daraktocin da ba za su ƙi ba.

Yanzu ga inda muke ɓata rawarmu da tsalle. Mu mutane ne masu gaisuwa da roƙon iri. Mutum zai shigo da fara'a, ya yi barka mai kyau, ya yi addu'a har da ɗaga hannu, sai ya ja kujera ya rage murya: "Af, yallaɓai, tunda Allah ya kai ka, yaron nan nawa da ya gama hidimar ƙasa..." Ko kuma maganar canjin wurin aiki, ko fayil ɗin da ya maƙale, ko a sa sunansa a tafiyar bita ta gaba. Daga wannan lokacin barkar ta mutu. Mai muƙamin zai yi murmushi ya ce in sha Allahu, amma a ransa ya riga ya sa ka a layin masu buƙata, kuma gobe in ya hango ka tafe zai ɗauki waya ya kara a kunne. Ni a ganina babu laifi ka nemi alfarma wurin abokin aiki, duk muna yi. Laifin shi ne haɗa su a zama ɗaya. Yi barkarka yau ka fita hannu wofi. In kana da buƙata, bari sati biyu ko uku su wuce, ka dawo da ita a matsayinta na buƙata.

Ƙanwar wannan ita ce maganar "a wanke mana." Da wasa ake faɗa, kuma wasan yana da daɗi in an san iyakarsa. Wanda ya kawo albishir yana da goronsa, wannan tsohuwar al'ada ce, ba mai musu. Amma mu da muke ciki mun san takarda daban, kuɗi daban. Takardar tarayya takan ce ƙarin girman ya fara daga 1 ga Janairu, wani lokaci na shekarar da ta riga ta wuce, alhali albashin wata yana nan yadda yake, ariyas kuma sai ranar da Allah ya yi. Ga dangi a gida sun ji labari, kowa ya ɗauka an buɗe masa baitulmali. Sai kuma mu a ofis mu tsare shi da maganar tsire da lemo. Faɗe ta sau ɗaya a yi dariya, ka ƙara da "sai ariyas ta fito," ka ga yadda fuskarsa za ta saki. In ya ga dama ya kawo goro da dabino ko ya yi 'yar walima, wannan nasa ne. Kuma kada ka tambaye shi nawa aka ƙara. Jadawalin albashi ba ɓoyayye ba ne, in abin ya dame ka je ka duba.

Wasa kuwa, wa zai hana mu? In Bafulatani ne aka ƙara wa girma, Babarbaren ofis ba zai bari ta wuce ba, sai ya ce yanzu dai bawansa ya samu kujera mai juyi. Bakano da Bazazzagi ma haka. Wannan gishirin zaman ofis ne, kuma sau da yawa ya fi doguwar addu'a nuna ƙauna. Sai dai a yi shi a inda aka saba yi. In jiya kai da shi kuna cin ƙosai a takarda ɗaya, yau kuma shi ne shugaban sashe, to a gaban ƙananan ma'aikata da baƙi ka ba shi girmansa: yallaɓai, ko ranka ya daɗe, ko ranki ya daɗe in Hajiya ce. In kun keɓe, ku koma sunan da kuka saba. Masu kuskure iri biyu ne a nan. Akwai wanda zai ci gaba da kiran sunan wasa a tsakiyar taro don a san shi fa ya san oga tun ba a san shi ba. Akwai kuma wanda zai koma rusunawa har ƙasa, ya daina zuwa hira, har abokinsa ya fara tunanin ko wani laifi ya yi. Dukansu sun sa mutumin a takura.

Abin da muka fi mantawa shi ne teburin da ke gefe. Kusan duk ranar da takarda ta fito, akwai wanda suka zauna jarrabawa tare amma nasa bai fito ba, kuma yana zaune a ɗakin yana jin duk abin da ake faɗa. A gabansa ba a cewa "ai dama kai kaɗai ka cancanta." Ba a kuma cewa "wallahi mun yi mamaki," ko "kai dai kana da uwa a gindin murhu," ko da wasa, domin wannan zargi ne aka naɗe da dariya. Ka yi barkarka da murya daidai, in ka fito ka tsaya wurin wancan ku gaisa kamar kullum, ba tare da ka mai da shi abin tausayi ba. "Allah ya kawo naka cikin alheri" ta isa. In kuwa kai ne wanda aka tsallake, to ka riga kowa zuwa. Da wuya, na sani, amma duk ofis ido na kanka, kuma jimla biyu kawai ake nema: barka, Allah ya taya riƙo. Ba sai ka yi dogon jawabin da muryarka za ta tona ka ba.

In mutumin yana wani reshe ko an yi masa canji zuwa Abuja, kira ya fi rubutu. In rubutun ne dole, to ya zama naka, aika masa shi kaɗai. Wannan dogon saƙo mai furanni da ake turawa daga waya zuwa waya, kowa ya san ba kai ka rubuta ba, wani lokaci ma da sunan wani a ƙasa. Layi uku sun wadatar: sallama da sunansa yadda kake kiransa, barka da sabon muƙamin da ka rubuta daidai, abu guda da ka san ya yi, sai addu'a. Ka tabbatar da muƙamin kafin ka aika, domin a tarayya mataki na 15 da na 16 da na 17 ba ɗaya ba ne, na 17 ne darakta cikakke, kuma masu su sun san bambancin sarai. A zauren WhatsApp na ofis kuwa, barka ɗaya ta isa.

Don Allah jama'a, zagaye na gaba in takardu sun fito, a bar yaron da ya gama hidimar ƙasa a gida tukuna.