Ranar da Takardar Tuhuma Ta Sauka a Teburinmu

Mu dai ma'aikata, da masinja ya shigo da ambulan da littafin sa hannu ya tsaya a kanmu, kafin mu buɗe mun riga mun gano maƙiyinmu a ofis. Wane ne ya kai gulma, wance ce take hassada tun ranar da aka ƙara mana girma. Takardar tana cewa a ba da amsa cikin awa 48, mu kuwa sai mu kashe awa 40 muna zagaye: mu je wurin liman, mu je wurin kawun shugaban sashe, mu nemi dattijon da suka yi makaranta tare da darakta, a je a ba da baki. Waninmu ma ƙin sa hannu yake yi a littafin masinja, wai in bai karɓa ba ba a ba shi ba. Alhali rubutawa kawai za a yi cewa ya ƙi karɓa, ya zama laifi na biyu, kuma lokacin yana ta tafiya.

Ba da baki ba abin kunya ba ne, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Sai dai dattijo bakinsa a falo yake ƙarewa, takarda kuma fayil take shiga. Shugaban da ya ce "ba komai, ya wuce" za a yi masa canjin wurin aiki, wani ya zo. Bayan shekara biyar kwamitin ƙarin girma zai buɗe fayil ɗin, mutanen da ba su san fuskarmu ba, su ga tuhuma babu amsa. Su ne ainihin masu karanta amsarmu, kuma dominsu ake rubuta ta.

A nan ne kyakkyawar tarbiyyarmu take ja mana. An horar da mu tun muna yara cewa in babba ya yi faɗa, sai a sunkuyar da kai a ce a yi haƙuri, ko da kai ne da gaskiya. Sai mu ɗauki wannan ladabi mu zuba a takarda: "Ina neman afuwa, ba zan sake ba." Ba zan sake me ba? Wanda ya rubuta haka ya amsa laifin da hannunsa, kuma magana zarar bunu ce. Wasunmu kuma ɗaya gefen suke faɗawa, su cika shafi uku da wallahi tallahi, da tarihin shekara goma sha biyar da suka yi suna bauta wa ma'aikata, da sunayen duk waɗanda su ma suke makara ba a ce musu uffan ba. Akwai kuma mai zuwa wurin ɗan'uwansa gwanin Turanci a rubuta masa kalmomin da shi kansa bai san ma'anarsu ba, sai a gaban kwamiti a tambaye shi me yake nufi, ya yi tsuru-tsuru. Duk mun san waɗannan mutane, domin mu ne.

To, mu ɗauki misali. Magatakarda ne a wata ma'aikatar tarayya, takarda ta zo tana cewa bai zo aiki ba ranar Talata 4 ga wata da Laraba 5 ga wata ba tare da izini ba. Kafin ya ɗauki biro, ya kamata ya san nauyin abin da aka ɗora masa. Dokokin Aikin Gwamnati na Tarayyar Najeriya sun raba laifi gida biyu. Yawan makara, barci a bakin aiki, talla a harabar ofis, waɗannan rashin ɗa'a ne. Amma fashin aiki ba izini yana cikin manyan laifuffuka, sahu ɗaya da cin hanci da sauya bayanan takardu, kuma yana iya kai mutum ga kora. Ke nan kalmar da aka yi amfani da ita a takardar ita ce abin kallo.

Gaskiyar abin da ya faru kuwa ita ce, ranar Talata shugaban sashensa ne ya aike shi da baki ya kai wasu takardu ofishin shiyya. Ranar Laraba ya zo, amma sai ƙarfe 10:40, domin ya kai ɗansa asibiti da asuba, kuma ya tarar an riga an ja layi a rajistar zuwa aiki. Amsarsa ba ta bukatar wuce shafi ɗaya. Zai sa lambar takardar tuhumar da kwanan watanta a sama, ya rubuta wa wanda ya sa mata hannu, ta hannun shugaban sashensa in haka tsarin wurin yake. Yawanci da Turanci ake rubutawa, amma abin da za ta ƙunsa shi ne kamar haka: "Na karɓi takardarka ranar 7 ga wata da ƙarfe 11 na safe. Game da Talata 4 ga wata, ina bakin aiki. Shugaban sashena ya aike ni ofishin shiyya, na sa hannu a littafin fita da ƙarfe 8:30, ga kuma kwafin takardar da suka buga wa hatimi a can. Game da Laraba 5 ga wata, na zo aiki da ƙarfe 10:40 bayan na kai ɗana asibiti, ga kwafin katinsa. Na amince na makara a wannan rana kuma ban kira na sanar ba, ina neman afuwa a kan haka. Amma ban yi fashin aiki ba a ko ɗaya daga cikin ranakun biyu."

Ku lura da inda afuwar ta tsaya. Ya ba da haƙuri, kamar yadda aka rene mu, amma a kan makara ta rana ɗaya, abin da ya aikata da gaske. Da ya musanta har makarar, rajista za ta ƙaryata shi, daga nan ba wanda zai yarda da zancen Talata. Da kuma ya yi ƙoƙarin gyara kati ko saka hannu a baya, ya bar ƙaramin laifi ya faɗa babba, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Bai kuma zagi shugaban da ya manta da aiken ba, ya ambaci aiken kawai, littafin fita ya yi sauran maganar.

Littafin fitan nan shi ne wanda muka fi rainawa. Mu da aka aika da baki, sai mu ga kamar rashin kunya ne mu tsaya rubutawa, "ai Yallaɓai ya sani". Yallaɓai kuwa mutum ne, yana mantuwa, wani lokacin ma ranar da ake bukatarsa yana Abuja taro. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In tuhumar ta dogara da wani rahoto da ba mu gani ba, muna da damar neman a nuna mana, domin dokokin sun tanadi haka a lamarin da zai iya kaiwa ga kora. In lokacin ya yi kaɗan, a rubuta a nemi ƙari kafin ya cika, kada a jira ya wuce. Kamfanoni masu zaman kansu kowanne da littafin sharuɗɗan aikinsa, shi za a duba maimakon dokokin gwamnati.

Sai abu na ƙarshe da kunya take hana mu: miƙa amsar da kwafi biyu, a buga wa namu hatimi da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Muna jin nauyin ce wa sakatare, "Malam, don Allah buga min a nan," kamar mun ce ba mu yarda da shi ba. Amma in magana ta yi nisa har ta kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Kano da Kaduna, cikin abubuwan da alƙali zai duba akwai ko an ba ma'aikaci damar kare kansa, da kuma abin da ya ce a lokacin. A kai kwafin gida, a sa shi cikin jakar da takardar ɗaukar aiki take, sannan in ana so a tura dattijon ya je ya ba da baki.