Rabe-raben Masu Ɗaukar Hoton Haja a Ƙasar Arewa

Tun da ciniki ya koma kan wayar salula a Dogondutsi da Tibiri, har mai man gyaɗa take ɗora hoton kwalbarta a WhatsApp domin mai saye da ke Yamai, kimanin kilomita 270 daga Dogondutsi, aikin shirya hoto ya haifar da wasu rukunonin mutane waɗanda duk wanda ya taɓa riƙe musu ƙyalle ya san su. Ƙa'idar aikin ba ta da yawa: a ajiye tebur kamar taku biyu daga ƙofa da hantsi, haske ya shigo ta gefe, a manna farin ƙyalle ko takarda a bango a bar shi ya gangaro kan tebur ba tare da ninki ba, sannan a jingine farin kwali a ɗaya gefen domin ya mayar da haske kan ɓangaren da ke cikin inuwa. Kowane rukuni yana da tasa hanyar saɓa wa wannan.

Rukuni na farko su ne masu tsakar rana, waɗanda ke fitar da kaya tsakar gida da azahar bisa hujjar cewa haske ya fi yawa. Rana tana tsaye bisa kai, sai murfin kwalba ya yi fari fat, gindinta ya yi baƙi ƙirin. 'Yan uwansu su ne masu filasha, wato ƙaramar fitilar bayan waya, waɗanda ke ɗaukar ledar ƙuli-ƙuli da dare su sami hoton walƙiyar leda kawai. Akwai kuma mai zargin waya, wanda ke shirin sayen sabuwa saboda hoto ya yi dishi-dishi, alhali ƙurar hunturu da maiƙon yatsa ne a kan idon kyamara, abin da bakin zane zai share.

Amma rukunin da ya cancanci dogon nazari shi ne na mai ƙawata fage, wadda galibi inna ce ko gwaggo, kuma ba ta shigowa sai an gama shiri. Da ganin farin ƙyalle takan ce, "Haba ɗiyata, mai za a sayar ko likkafani za a ɗinka?" Daga nan sai ta ɗauko jan zanen gado mai furanni, ta jera fulawar roba, ta ƙara da kwanukan jere biyu domin mutanen Yamai su san gidan ba na matsiyata ba ne. Illar wannan karamci iri biyu ce. Jan zane yana mayar da jan haske kan kwalba, sai man da ke ruwan zinariya ya fito kamar manja. Sannan waya, wadda ke daidaita idonta kan abin da ya fi zane-zane, sai ta fito da furen gado tangaran ta bar sunan da ke jikin kwalba a dushe. Idan aka bayyana mata haka, takan saurara da natsuwa, ta gyaɗa kai, ta kawo shuɗiyar tabarmar roba a madadinsa. Ba a cin nasara a kanta da hujja. Masu dabara kan ɗauki hoto ɗaya yadda take so, a nuna mata, a jira ta tafi alwala.

Dab da ita akwai mai tara haske, wanda ke kunna ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa alhali ƙofa tana buɗe. Waya tana iya gyara launin haske iri ɗaya ne a lokaci guda, abin da ake kira daidaita fari, don haka sai rabin atamfa ya yi ɗorawa, rabi ya yi shuɗi-shuɗi. Maganinsa kashe ƙwan ne, aikin da kamfanin wuta kan yi masa kyauta.

Duk waɗannan abin dariya ne, ban da mai rinin hoto. Shi ne wanda, bayan farin fage ya ruɗi waya ta duhunta hoto, ba zai taɓa hajar a kan allo ya ɗan ɗaga haske ba, sai ya bi hoton da tacin launi har koɗaɗɗiyar shadda ta koma sabuwa fil. An biya kuɗi, an sa kaya a mota, mai saye ta buɗe ta ga wani launi dabam, kuma daga ranar ba za ta sake yarda da hoton kowa daga garin ba, har da na masu gaskiya. Wannan algus ne, ko da an kira shi gyara.

Rukuni na ƙarshe ƙarami ne: masu tsayawa a gefe suna rarraba mutane gida-gida da nufin rubuta maƙala, waɗanda bincike ya nuna cewa sau da yawa inuwarsu ce ke faɗawa kan kwalbar, domin a bakin ƙofa suke tsayawa.