Albashi Kusan Ɗaya, Takarda Biyu: Yadda Ake Zaɓe Ba Tare da Kuka Ba

Idan Allah ya yi maka gyaɗar dogo har kamfanoni biyu suka miƙo maka takardar ɗaukar aiki a mako guda, abu na farko shi ne ka yi shiru da bakinka, domin a wannan zamani ko rabin takarda aka ji ka samu sai an zo maka barka. Abu na biyu, ka nemi biro da takarda. Na san zuciyarka ta riga ta yanke hukunci tun daga layin farko, inda aka rubuta kuɗi da baƙi mai kauri. To ka ba ta haƙuri. Masu rubuta waɗannan takardu sun san ba a cika wuce layin farko ba, shi ya sa suke ajiye abin da ba su so ka gani a shafi na uku.

Mu ƙaddara kai magidanci ne a Kano, mata ɗaya, 'ya'ya uku. Kamfanin Farko ya ce zai ba ka naira 320,000 a wata, Kamfani na Biyu ya ce 300,000. Bambancin 20,000 ne a wata, wato 240,000 a shekara tun kafin haraji ya ɗebi rabonsa. Riƙe wannan adadi, da shi za mu yi ta awo.

Fara da inshorar lafiya, don a nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Duka kamfanonin biyu za su rubuta cewa akwai ta, kuma ba abin yabo ba ne, tunda dokar NHIA ta 2022 ta mayar da inshorar lafiya tilas a Najeriya. Abin tambaya shi ne wa da wa ta ɗauka. Akwai wadda ta ɗauki ma'aikaci shi kaɗai, sai ka ce daga sama ya faɗo. Akwai wadda ta ɗauki ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, wanda shi ne tsarin da aka saba da shi tun zamanin NHIS. A bayyane yake cewa wanda ya tsara wannan lissafi bai taɓa zama a zauren gidanmu ba. Idan kana da mata biyu, ka shirya yin bayanin da babu malamin da ya koya maka: wace ce za ta shiga kati, wace ce za ta riƙa biya daga aljihu. Shawarata ita ce tun kafin ka sa hannu ka tambayi nawa ake biya a ƙara mutum guda a kan katin, domin yawancin kamfanonin inshora suna yarda a ƙara idan za a biya, kuma wannan kuɗi ya fi sauƙi a kan zaman sulhu. Haka batun Hajiya, mahaifiyarka, wadda ita ce ta fi kowa zuwa asibiti a gidan, kuma ita ce tsarin bai san da zamanta ba.

Daga nan ka nemi a ba ka takardar da ta jera abin da inshorar ke biya. Za a ce maka ai komai tana biya. Ka yi murmushi, ka ce duk da haka a taimaka maka da takardar. A ciki ka duba abubuwa uku. Na ɗaya, iyakar kuɗin da za a kashe wa mutum a shekara, da iyakar tiyata, musamman ta haihuwa, domin sau da yawa awo da haihuwa lafiya suna ciki, amma da an ce sai an yi aiki sai ka ga iyakar ta tsaya a rabin hanya, kai kuma kana tsaye a bakin ɗakin tiyata kana kiran abokai. Na biyu, ciwon da ka zo da shi daga gida, irin hawan jini da ciwon suga: ana ba da maganinsu duk wata, ko sai an yi watanni ana jira? Na uku, jerin asibitoci. Katin da asibitocinsa masu kyau duk suna Legas da Abuja, kai kuma kana Rijiyar Zaki, ado ne na cikin walat. Ka zaɓi asibiti ɗaya daga jerin, ka je da ƙafarka, ka tambayi mai ba da kati ko suna karɓar wannan inshora. Kada ka saurari amsar sosai, fuskarta za ka kalla. Idan ta ja numfashi ta ce "sai an turo lambar izini", ka tambaye ta awa nawa ake ɗauka kafin a turo.

Yadda za ka sa wa wannan farashi ba wuya. Zauna da uwargida ku tuna abin da zazzaɓin cizon sauro da taifot da ƙarin ruwa suka ci muku bara. Ita ta fi ka riƙewa. Mu ce 150,000. Idan Kamfanin Farko kai kaɗai ya ɗauka, na Biyu kuma ya ɗauki gidan duka, to ka rubuta 150,000 a ɓangaren na Biyu.

Sai hutu. A nan ilimin lissafi yana jin kunya, domin 21 tana iya gaza 20. Kamfanin Farko ya rubuta hutun shekara kwana 21, na Biyu ya rubuta ranakun aiki 20. Kwana 21 a jere mako uku ne, kuma a cikinsu akwai Asabar da Lahadi guda shida waɗanda tun asali naka ne, an sake ba ka su kyauta. Abin da ya rage ranakun aiki 15. Ranakun aiki 20 kuwa mako huɗu ne cif. Kada ka ce za ka kai ƙara, Dokar Ƙwadago ta Najeriya ranakun aiki shida kacal ta wajabta bayan an yi wata goma sha biyu ana aiki, don haka duk abin da ya haura shida ana ƙirga shi cikin alherin kamfani. Kuɗin kwana guda kuma raba albashi za ka yi da ranakun aiki 22 na wata: 300,000 ta ba ka kimanin 13,600. Kwana biyar ɗin da suka bambanta sun kama 68,000.

Amma hutun takarda daban, hutun da ake tafiya daban. Nemi wani tsohon ma'aikacin wurin, ka saya masa shayi, ka tambaye shi yaushe rabonsa da hutu. Idan ya yi dariya har ya ƙware, ka samu amsa. Ka kuma tambaya ko kwanakin da ba a ci ba suna tsallakawa sabuwar shekara ko suna mutuwa ranar 31 ga Disamba. Mai niyyar sauke farali ya kula da wannan sosai, don aikin Hajji yakan ci wata guda ko fiye. Ke kuma 'yar'uwa, doka ta ba ki mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan kin yi wata shida a wurin. Gwamnatin tarayya mako 16 take bai wa ma'aikatanta mata. Ki tambaya a wane ɓangare kamfanin ya tsaya, kuma cikakken albashi ne ko rabi.

Fansho ba ya cikin abubuwan da ake yi wa talla, amma nan ne ɓera yake haƙa raminsa. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Kowa zai ce maka yana bin doka, kuma da gaskiyarsa. Sai dai kason ba lallai a kan albashi duka ake lissafa shi ba, mafi ƙaranci a kan gundarin albashi ne da kuɗin gida da na sufuri. Kamfanin Farko ya tsara waɗannan uku su zama 128,000 kawai, sauran ya zuba su cikin alawus masu daɗin suna, na abinci, na sutura, na nishaɗi. Kashi goma na 128,000 ya kama 12,800. Na Biyu ya sa su 240,000, don haka yana zuba maka 24,000. Bambancin 11,200 ne a wata, 134,400 a shekara. Gaskiya ita ce kai ma za a fi yankar ka a Kamfani na Biyu, 19,200 maimakon 10,240, ko da yake asusunka suke tafiya. Kuma kuɗin fansho ba sa sayen shinkafar yau: sai ka yi ritaya kuma ka kai shekara 50, ko kuma ka rasa aiki ka yi wata huɗu a zaune, a ba ka kashi 25. Idan mai gidan haya yana maka sallama kullum da asuba, ba laifi ka rage wa wannan adadi nauyi.

Horo kuma a yi hattara da shi. "Muna tallafa wa ma'aikatanmu su ƙaro ilimi" jimla ce mai iya nufin za a biya maka kuɗin jarrabawar ICAN, tana kuma iya nufin taron bita na yini guda a ɗakin taro, da lemo da cincin. Tambayi nawa ne a shekara, wa yake amincewa, kuma kafin jarrabawa ake biya ko sai ka ci a mayar maka. Sannan ka nemi igiyar, don kusan kullum akwai ta. Idan aka kashe maka 600,000 a kan sharaɗin za ka zauna shekara biyu, ka karanta abin da zai faru idan ka tafi bayan wata 18. Yarjejeniya mai adalci za ta ce ka biya na wata shidan da suka rage, 150,000. Marar tausayi za ta ce ka dawo da 600,000 ɗin duka, tun kafin a ba ka takardar sallama. Saboda haka ni ba na sa wa horo farashi sai na ga igiyarsa.

Yanzu tara. Na Biyu yana da 150,000 na asibiti, 68,000 na hutu, 134,400 na fansho, jimilla 352,400, a gaban 240,000 na Kamfanin Farko wadda haraji bai ma taɓa ba tukuna. Ko ka zubar da fanshon gaba ɗaya, 218,000 ta rage, kusan kunnen doki, kuma mako guda na barci yana cikinta. Gwauron da ba ya ciwo, ba shi da kowa sai babur, shi lissafinsa zai iya juyawa zuwa Kamfanin Farko, kuma ba wanda zai zarge shi sai ranar da aka kai masa amarya.

Saura tambaya ɗaya da ake mantawa: daga yaushe duk wannan zai fara? Wurare da yawa sai ka gama wata shida na gwaji an tabbatar da kai kafin kati ya fito, wasu kuma tabbatarwar tana jiran sa hannun wani oga da ke tafiya kullum. Duk abin da jami'in ma'aikata ya ce maka "kada ka damu, ana yi", ka roƙe shi cikin ladabi ya ƙara shi a takardar. Idan kuma ranka na kan Kamfanin Farko, koma musu da lissafinka, kada ka nemi ƙarin albashi, ka ce su sa iyalinka a kati su mayar da kwana 21 ranakun aiki. Manaja yakan fi saurin sa hannu a kan wannan, don ba zai tayar masa da rigimar sauran ma'aikata a kan jadawalin albashi ba.