Madalla da Takardar Alhaji Mai Layi Uku

Ranka ya daɗe, Alhaji, na zo in yaba maka a kan takardar da ka manna a ƙofar kamfaninka na dillancin kayan masarufi, can wajen Kasuwar Singa a Kano. Layi uku kacal: ana neman ma'aikacin ofis mai hazaƙa da riƙon amana, wanda ya iya kwamfuta, albashi sai an zo. Wasu kan ɓata shafi guda suna bayanin aikin da suke neman mai yi, kai kuwa ka gama da komai kafin tawada ta bushe. Wannan baiwa ce.

Dubi albarkar da takardar ta jawo. Tun da ba ka faɗi ko wane irin aiki ba ne, kowa ya ga kansa a ciki. Mai digiri a fannin akanta ya zo yana zaton za a ba shi littattafan kuɗi. Yarinyar da ta koyi buga takardu ta zo tana zaton sakatariya ake nema. Yaron da iyakar saninsa da kwamfuta shi ne tura waƙoƙi a waya, shi ma ya zo, don bai ga inda aka hana shi ba. Ka yi kwana uku kana ganawa da mutane, ciniki ya tsaya, amma ai taro alamar arziki ne.

A cikin taron nan ka zaɓi ɗan ƙanwata, shi ya sa na san sauran labarin. Ranar farko ya tambaye ka, "Alhaji, mene ne aikina?" Ka ba shi amsa ta dattako: "Kai dai zauna, za ka gani." Ya kuwa gani. Da safe shi ke buɗe ofis ya share. Da hantsi shi ke rubuta rasit, shi ke riƙe na'urar POS, shi ke tsayawa a bayan mota yana ƙirga katan. Da azahar shi ke ɗauko yara daga makaranta, da la'asar ya kai kuɗi banki, da magariba ya yo wa Hajiya cefane. Ka sami ma'aikata biyar a albashin mutum ɗaya. Da ka rubuta ayyukansa tun farko, ai da ka ɗaure kanka.

Kada ka yi koyi da maƙwabcinka mai sayar da kayan gini, wanda ya wahalar da kansa a banza. Wai sai da ya zauna ya rubuta sunan aikin, akawun rasit da lissafin kaya, ya kuma faɗi mutum ɗaya tak da akawun zai riƙa karɓar umarni daga gare shi, wato manaja. Ya jera ayyuka biyar, kowanne da lokacinsa: rubuta rasit ga duk wanda ya saya, rubuta takardar rakiyar kaya kafin mota ta fita, shigar da cinikin yini a Excel kafin ƙarfe biyar, gwada abin da POS ta nuna da abin da ke littafi kafin a tashi, da adana kwafin takardu bisa kwanan wata. Har ya rubuta abin da ba aikin akawun ba ne: ba ya riƙe makullin sito, ba ya kai kuɗi banki, kuɗin ƙananan hidimomi da ke hannunsa ba sa wuce naira dubu ashirin, kuma kowace naira da shaidarta. Ya sa lokacin aiki, takwas zuwa biyar, Litinin zuwa Asabar, ya sa albashi da lamba, ya sa watanni uku na gwaji.

Maimakon ya ce a iya kwamfuta kamar yadda masu hikima ke cewa, sai ya ce duk mai nema za a ba shi rasit ashirin ya shigar a Excel, ya haɗa jimla da SUM, cikin rabin awa. Ka ga asarar da ya yi? Mutum bakwai kawai suka zo, ya gama tantance su a wuni ɗaya, kuma akawun da ya ɗauka yana nan har yau, babu ko rigimar da za ta ɗebe wa kasuwa kewa.

Kai kuwa ka more. Ka tuna ranar da katan goma sha biyu na taliya suka yi ɓatan dabo? Mai sito ya ce akawu ne ya ƙirga. Akawu ya ce manaja ne ya aike shi banki ana tsakar lodi. Manaja ya ce shi bai san wanda ke sa hannu a takardar rakiyar kaya ba, direba kuma ya riga ya wuce Wudil. A kamfanin maƙwabcinka da an buɗe takarda an ga wanda alhakin ke wuyansa, magana ta mutu. A naka kuwa, tun da aikin ba na kowa ba ne, laifin ya zama na wanda ya fi kowa ƙaramin murya. Ka zare kuɗin daga albashin yaron har wata biyu. Wane alƙali ne zai yanke hukunci da sauri haka?

Kada kuma ka bari masu karatun doka su ɗaga maka hankali. Za su ce Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ambaci aikin akawu da sunansa a cikin waɗanda take karewa. Za su ce sashe na 7 ya wajabta maka ba ma'aikaci rubutacciyar takarda kafin ya wuce wata uku da fara aiki, mai bayyana irin aikin, da albashi da yadda ake biyansa, da lokutan aiki, da hutu, da wa'adin sanarwa kafin rabuwa. Za su ce sashe na 5 ya hana ka zare asarar kaya daga albashi sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, kuma sai in sakaci ko gangancin ma'aikacin ne ya jawo ta. Amma wace doka ce za ta kama abin da ba a rubuta ba? Yaron da ba shi da ko fallen takarda, da me zai je ofishin ƙwadago?

Sakamakon ma ai ga shi a fili. Cikin shekara biyu ka ɗauki akawu huɗu, kowanne ka koya masa aiki daga farko, kowanne ya tafi da abin da ya sani a kansa. Bashin da 'yan kasuwar Bichi suka ci yana cikin littafin na biyu, wanda na uku bai taɓa gani ba. Kana ta cewa yaran zamani ba su da amana. Gaskiyarka, ranka ya daɗe. Mutum huɗu duk su zama marasa amana a kujera ɗaya, ai ba za a zargi kujerar ba.

Ɗan ƙanwata ya ajiye aikin a wata na bakwai. Ranar da ya dawo gida ya zauna a zaure ya ce da ni, "Kawu, wallahi ban ƙi wahala ba. Da ma an faɗa min abin da zan yi, in na kasa a kore ni da hujja." A nan yabona ya ƙare, Alhaji, domin wannan magana ta tsaya min a rai. Cinikin biri a sama ka yi da shi, kai ma kuma ba ka tsira ba. Shafi ɗaya da awa ɗaya ta lokacinka sun isa su tsare masa mutuncinsa, su tsare maka dukiyarka. Jiya na wuce ta ƙofarka na ga ka sake manna takardar, layi uku kamar da, samari biyu suna tsaye suna kwafar lambar waya. Su ma 'ya'yan wasu ne.