Fitila Ta Kama, Kowa da Halinsa

Ba a tasha ake sanin halin direba ba, sai a kan hanya, lokacin da wata 'yar fitila ta kama a allon da ke bayan sitiyari. Masu ƙera mota sun sauƙaƙa abin iyakar iyawarsu. Kore da shuɗi labari kawai suke ba ka, cewa sigina na aiki ko ka kunna babbar fitila. Ruwan ɗorawa na cewa akwai matsala, ka nemi makanike kwanan nan. Ja kuwa na cewa ka duba yanzu, kuma a cikin jajayen akwai uku da ba a ja musu rai, wato ta baƙin mai, ta zafin inji da ta birki. Launi uku ne ko huɗu, amma mutanenmu sun yi musu fassara ta fi ɗari.

Mu fara da Malam Saura-kaɗan, domin shi ya fi kowa asara. Ya taso daga Kano zai je Zariya, ya wuce Kura lafiya, sai hoton wata 'yar buta ja mai ɗigo a baki ya bayyana. Na kusa da shi ya ce, “Direba, wata ja ta kama fa.” Ya leƙa, ya ce, “Baƙin mai ne ya yi ƙasa, in mun kai Kwanar Dangora sai a ƙara.” A nan kuskuren yake. Jar butar nan ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin tura shi take aunawa. A cikin inji akwai famfo da ke tura baƙin mai ya shiga tsakanin ƙarafan da ke juyawa sau dubu biyu ko uku a minti ɗaya, don kada su taɓa juna. In ƙarfin turawar ya faɗi, ƙarfe ya fara cin ƙarfe ke nan, kuma wannan ba aikin awa ba ne, cikin 'yan mintuna ake gama ɓarnar. Malam Saura-kaɗan zai fara jin ƙaf-ƙaf-ƙaf daga gaba, ya ƙara sautin rediyo. Can sai motar ta yi shiru ta gangara gefen titi da kanta. Ya murɗa makulli, inji ya ƙi ko motsi. Abin da galan ɗaya na mai zai tsare ya koma zancen sauke inji.

Da ya sauka gefe tun a farko ya kashe mota, da aikin bai wuce na minti goma ba. A bar man ya sauko, a zaro sandar awo a goge, a mayar a sake zarowa. Tana da alama biyu, ta ƙasa da ta sama, kuma a yawancin ƙananan motoci tazarar da ke tsakaninsu kusan lita ɗaya ce. In man bai kai ta ƙasa ba, a ƙara, a leƙa ƙarƙashin mota ko yana zuba, sannan a tayar. Fitila ta mutu cikin daƙiƙa kaɗan, to a lallaɓa zuwa gareji. In kuwa mai a cike yake amma ja na nan, ko famfon ne ya gaji, ko ragar da yake zuƙo mai ta toshe da dauɗa, ko kuma na'urar da ke kunna fitilar ce ta lalace. A bakin titi ba za ka iya bambancewa ba, don haka janwe za a kira. Kuɗin janwe yana da ciwo, amma bai kai rubu'in kuɗin inji ba.

Ƙaninsa shi ne Mai Jarka. Wannan yana tsayawa kam, sai dai tsayuwar tasa ta fi tafiya haɗari. Jar fitila mai hoton ma'aunin zafi a cikin ruwa ta kama, ko allura ta haye ja, sai ya taka birki, ya ɗaga bonet, ya cire hula ya naɗe hannu, ya nufi murfin lagireto da jarkarsa. Bai san ruwan da ke ciki a matse yake ba, shi ya sa yake iya wuce zafin tafasa bai tafasa ba. Da an murɗe murfin matsin ya tafi, ruwan ya tafasa gaba ɗaya ya yi tsiri zuwa fuskar wanda ya sunkuya. In ka ga dattijon direba da tabon ƙuna daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, ba sai ka tambaya ba. Abin yi shi ne a kashe inji a ba shi akalla rabin awa, kafin nan a duba ko fanka na juyawa, ko wani tiyo ya fashe, ko fanbel ya tsinke. Shi kuwa wanda ya ci gaba da tafiya a kan zafi, kan injin zai lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Washegari a zaro sandar awo a ga man ya koma launin shayi da madara.

Akwai kuma Gwanin Famfo. Jar da'ira mai alamar motsin rai a tsakiya, ko rubutun BRAKE a motocin da aka kawo daga Amurka, ta kama masa tun makon jiya. Abu biyu take nufi: ko birkin hannu bai sauka duka ba, ko man birki ya yi ƙasa. Ya duba birkin hannu, a sauke yake, sai ya yanke hukuncin cewa fitilar ce ke da taurin kai. Yanzu kafin ya tsaya sai ya taka sau uku, har yana alfahari cewa babu mai iya tuƙa motar nan sai shi. Gaskiya ya faɗa. Man birki ba ya ƙonewa kamar fetur, in ya ragu ko dai takalman birkin sun cinye ko yana yoyo ta wani wuri, kuma birkin da ya fara nutsewa ƙasa yana gab da tafiya gaba ɗaya. In ABS mai ruwan ɗorawa ce kaɗai ta kama, birki na nan, abin da ke hana tayoyi kullewa ne ya daina aiki, ana iya zuwa gareji a hankali. In su biyun suka kama tare, a nemi gefen titi. Fasinjan da ya ji direba na famfo, ya sauka ko bai kai gida ba.

Sai Alhaji Sabon Batir, wanda ya ɗauki hoto a kan gaskiya. Ya ga jan hoton batir, ya aika yaro ya sayo sabo. Kwana ɗaya ja na nan, mota ta mutu, ya koma shago da faɗa, “Kai yaro, jabu ka sayar mini!” Batir bai yi laifi ba. Fitilar cewa take altaneta ta daina caji, motar na cin abin da batir ya tara. Mai wayarin zai ɗora mita inji na aiki: in ya ga wajen 14 caji na shiga, in ya ga 12 ko ƙasa ba ya shiga. Wannan jar takan ba ka ɗan lokaci, ka kashe na'urar sanyi da rediyo ka nufi gari mafi kusa. Amma ka ji sitiyari. In ya yi nauyi farat ɗaya, fanbel ne ya tsinke, kuma a motoci da yawa shi ne ke juya famfon ruwa, saboda haka fitilar zafi na nan tafe. A nan tsayawa ya zama dole.

Ango Sabon Hannu shi nasa daban ne, komai tsoro yake ba shi. Da safe ya tayar da 'yar Hondarsa, ya ga shuɗin ma'aunin zafi, ya kashe mota ya kira makanike, alhali cewa take inji bai yi ɗumi ba tukuna, minti kaɗan za ta mutu. Shuɗiyar da ya kamata ta dame shi, ta babbar fitila, ita ce bai taɓa lura da ita ba, yana ta kashe wa masu tahowa ido yana mamakin me ya sa suke zaginsa.

Wanda ya fi yawa a cikinmu shi ne Mai Salatif. Fitilarsa ita ce mai hoton inji, ko mai rubutun CHECK ENGINE, ruwan ɗorawa, kuma tun ranar da aka cire wa motar abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi take kunne. Da ta ishe shi sai ya yanki baƙin salatif ya manna mata, wani kuma ya jingina katin ɗaurin aure. Ba na ganin laifinsa ƙwarai, domin sau da yawa dalilin ƙarami ne, har murfin tankin da ba a ɗaure da kyau ba yana kunna ta a wasu motocin. Matsalar ita ce fitila ɗaya ce ke magana da yawun ɗaruruwan matsaloli, in ka rufe mata baki saboda tsohuwa, ba za ka ji sabuwa ba. Kuma tana da murya biyu. In ta tsaya cak, ka je a duba cikin kwanakin nan. In tana ƙyaftawa mota na kakkarwa, wata silinda ce ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur na gangarawa salansa yana gasa abin tace hayaƙin. Ka sassauta totur, ka sauka gefe. Mai Salatif ba zai ga ƙyaftawar ba.

Yana da aboki a gareji, Oga Share. Motocin Amurka tun daga 1996, da na fetur a Turai tun wajen 2001, suna da wani soket a ƙarƙashin sitiyari da ake jona na'ura ta karanto lambar matsala. In ta nuna P0301, silinda ta ɗaya ce ke fashi, a duba filogi da koyil nata. Oga Share ba ya karantawa. Zai jona, ya danna gogewa, fitila ta mutu, ya ce, “Alhaji, an gama, a kawo na ruwa.” Alhaji ya tafi yana sa masa albarka, bayan kwana biyu ta dawo, ya ce motar ce ke da aljanu.

Na ƙarshe ba direba ba ne, dillali ne, kuma shi ya fi su duka fahimtar fitilu, shi ya sa yake zare musu ƙwai kafin ya kai mota kasuwa. Za ka shiga ka ga allo fes, babu ja babu ruwan ɗorawa, yana ta rantsuwa cewa wata tsohuwa ce ke zuwa cefane da ita a Beljiyam. Kama shi ba wuya. Murɗa makulli zuwa inda allo ke kawo wuta, kada ka tayar da inji. Lafiyayyar mota za ta kunna fitilunta don gwaji: buta, batir, birki, hoton inji, ABS, da ta jakar iska. Ka ƙirga su da ido, sannan ka tayar, ka ga kowace ta mutu. Wadda ba ta fito a gwajin ba, ko ta ƙone ko cire ta aka yi. In ka tambaye shi ina ta hoton inji, zai dube ka ya gyara hula ya ce, “Ranka ya daɗe, ai wannan samfurin ba ya zuwa da ita.”