Kakar Malam ta sake rasuwa

Wani aminina malamin firamare a Isa ya tashi sabunta fasfo, don yana da niyyar Umra, Saudiyya kuwa ba ta karɓar fasfon da bai da sauran wata shida a gaba. Ya cike takarda ta intanet, ya biya Naira 100,000, kuɗin mai shafi 32 tun daga Satumban 2025, aka ba shi ranar Talata ya je Sakkwato a ɗauki hotonsa da zanen yatsu. Kwatsam sai ga sanarwar tantance ma'aikata, ita ma Talatar. Wanda bai halarta ba kuwa, sunansa ma'aikacin bogi, albashi ya tafi.

Na ce masa: "Malam, ka roƙi a ɗaga maka ranar mana."

Ya dube ni kamar na ce ya sha ruwa da tsakar rana a azumi. "In ce musu mi? Aiki gare ni? Wa ka jin wannan?"

Mu dai haka muke: gaskiya ba ta cika mana baki a matsayin uzuri. Sai mun haɗa da gawa. Nan take Malam ya yanke shawarar kakarsa ta rasu. Na tuna masa cewa baiwar Allahn nan ta rasu lokacin gyaran lambar NIN, ta kuma rasu ranar taron iyayen yara, alhali jiya na gan ta a ƙofar gida tana tsinken zogale. Ya ce ai wancan karon ta wajen uwa ce.

Da maganar kaka ta ƙi, sai aka koma ga "wa ka sani can?" Aka samo wani a Sabon Birni wanda surukin maƙwabcinsa ya taɓa gadi kusa da ofishin fasfo. Kwana uku ana bugun waya, Malam ya ƙone katin da ya fi kuɗin buga takarda sau goma, har da alkawarin kwandon albasa.

Abin da ake nema kuwa takardar roƙon ɗaga rana ce, ba ta kai rabin shafi ba. Ka sa sunanka yadda yake a fasfo, da lambar takardarka, da ranar da aka ba ka, ka faɗi dalili a layi ɗaya, ka ambaci ranar da za ka iya zuwa. Ka haɗa da kwafin rasit da shaidar hedimasta, ka aika tun da sauran kwanaki, ba da asubahin Talata ba. Hanyar Isa zuwa Sakkwato a wannan zamani ba wadda ake bi ba ce don a je a ji "dawo jibi".

Daga ƙarshe ni na rubuta, direban tasha ya kai, aka mayar da shi mako na gaba. Malam bai ji daɗi ba. Ya ce an yi masa abin a arha, ba wanda zai yi wa godiya.

Kakar tana nan lafiya, tana gaishe ku.